Man da Ya Ƙi Gudu

Akuyar kakarku na sayar na yi kuɗin mota zuwa Bauchi, kuma har gobe ba ta yafe mini ba. An gama girbi ke nan, zaman gida ya ishe ni, ƙafata sai ƙaiƙayi take.

Wani ɗan garinmu, Sabo, shi ya karɓe ni. Yana da tebura a layin masu kayan shafe-shafe cikin babbar kasuwa, ya ba ni ɗaya in riƙa sayar masa, in ci ladana a kan kowace roba. Can ba a cewa man shafawa, wai loshin. Akwai ma wani mai da suke ce wa mosharaza, wanda har na baro garin ban iya faɗinsa ba tare da 'yan mata sun yi mini dariya ba. Ɗaki kuwa a unguwar Miri muka kama mu huɗu, mai gidan kullum da asuba yana ƙofa yana faɗan mun ƙarar masa da ruwan rijiya. Gaskiyarsa ce, don ba wanka ake yi da shi ba.

Ga abin da ake yi. Man yana zuwa ne a babban bokiti, fari, mai kauri, a ɗura shi a ƙananan robobi. To, mutanen ɗakinmu sai su raba bokitin biyu, su zuba ruwan ɗumi, su dama sitaci su dafa su juye don kaurin ya dawo, su narka farin jeli mai arha don ya yi sheƙi, su ɗiga turare, su yi ta burgawa da maburgi kamar masu miyar kuka. Bokiti ɗaya ya zama biyu. Amma maganin hana lalacewa da kamfani ya sa, an auna shi ne daidai bokiti ɗaya. Da sanyi abin yakan yi makonni lafiya lau. Zafi na shigowa sai ya tsinke, ruwa a sama, baƙin ɗigo a ƙarƙashin murfi, ga tsami, wadda ta shafa kuma fatarta ta ɗau raɗaɗi da ƙuraje.

"Dauda, ina naka haɗin?" in ji Sabo.

"Ni ba na haɗawa."

"Kai ɗan ci-rani ne fa. Kafin ya lalace kana gona. Wa zai bi ka ƙauye?"

"Fuskar mutane ce, Sabo, ba bangon ɗaki ba."

"To malam. In cinikinka bai kai na sauran ba zuwa ƙarshen wata, ka bar mini teburina."

Abin haushi, mata sun saba da na ruwan. Su lakato nawa su murza a bayan hannu, su yatsine. "Wannan ai ya daskare, tsohon kaya ne." Su wuce teburin gaba inda ake ba su roba biyu a kuɗin ɗayata. In zauna, in tashi, in goge robobi, in sake jera su. Barci ma ya ƙaurace mini, ina ta tunanin da wane ido zan kalli kakarku.

Shekarar nan zafi bai jira mun tafi ba. Wata ranar Laraba sai ga matan sojoji daga barikin Shadawanka, sun fi goma, gabansu wata ƙatuwa 'yar kudu ta ɗaga jaririnta sama, wuyansa da bayansa duk ƙuraje jajur.

"Ka gani yarona! Wane ne ya sayar wannan?"

Sabo tuni ya sulale ta bayan masu atamfa. Su kuwa ba su tsaya tantancewa ba, robobinmu iri ɗaya ne. Suka bi layin suna kifar da tebura. Ina rantsuwa, ina ihu nawa ba haɗi, wa zai ji ni? Na ji ɗacin da ban taɓa ji ba.

Da ƙura ta lafa, man sauran ya malale cikin kwata kamar kunu. Nawa kuwa, inda robobin suka fashe, yana nan a dunƙule kan ƙasa, ko motsi bai yi ba. Matar nan ta tsaya tana haki. Ta sunkuya ta lakata, ta shinshina, ta dube ni.

"Wannan naka?"

Na ce nawa ne.

Sai ta kwanto yaron da ta mayar baya, ta ɗebi na sama-sama inda ƙasa ba ta taɓa ba, ta shafa wa yaron a ƙafafu, a gabana, a gaban kowa.

Teburin bai sake tashi ba, Sabo ya ce ni na jawo masa baƙin jini. Na dawo gida a bayan motar gawayi, aljihu wayam. Ku daina dariya. A duk layin nan, ni kaɗai uwa ta yarda ta taɓa ɗanta da kayana.