Lissafin da aka naɗe wa Hauwa'u a Turanci

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Ina neman wanda zai duba mini takardar jarrabawar shiga sakandare. Ni Maryam ce daga Kwamba, ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta abin da nake faɗa.

'Yata Hauwa'u ce ta ɗaya a lissafi, amma ta faɗi. Malaminsu da Hausa yake bayani, takardar kuwa ta zo da dogon labarin Turanci, wai wani ya hau "lif" daga bene na uku. Tana ta laluben mene ne lif har lokaci ya ƙare. 'Ya'yan masu aikin Abuja sun san akwatin hawa bene ne, har cike ɗigon amsa da fensir an koya musu a lesin. Da maƙwabciyata ta maimaita tambayar da Hausa, nan take Hauwa'u ta amsa.

To Malam, lissafi aka gwada ko gidan da yaro ya fito? Tsorona, kada babanta ya ce ba ta da kai, karatu ya ƙare.

Na gaya wa hedimasta, ya ce ai takarda ɗaya aka ba kowa. Na gaya wa babanta ma. Yanzu na gaya muku.