Ɗiyata Rabi da bencin baya

Salamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Hamidu daga Filinge, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, lakwal ta ce na isa haka nan.

Ɗiyata Rabi ba ta gani daga nesa. Ranar da aka koma makaranta mun makara, ta samu bencin baya. Washegari da wuri ta je, amma ƙafarta can ta kai ta. Kafin sati kowane yaro ya san wurin kowa. Ko mai wuri bai zo ba, ana bar mishi.

Na roƙi mushe, wato malaminsu, ya maida ta gaba, ya maida. Yarinyar da aka tayar ta yi kuka kamar an ƙwace gonar ubanta, 'yan bencin suka daina yi wa Rabi magana. Ranar Litinin ta koma baya da kanta. Na yi faɗa, ta ce, "Baba, a gaba kowa bayana yake kallo. A baya ƙawata Zali na karanta min allo a kunne."

Ranar jarrabawa za a raba su da Zali, na san za ta faɗi. Ni ma daga bencin baya aka sallame ni.

Jama'a, ku ba ni shawara in akwai. Ina gaida Malam Idi, maƙwabcina a sahun ƙarshe na masallaci, inda tun muna samari muke zama ba mu jin huɗuba.