Kullum Baba Yana Masallaci

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga Dar Salam ta Omdurman nake rubutowa, amma a sakaya sunana.

Yayana ya gudu Jidda don kada a kwashe shi aikin soja na dole. Unguwarmu babu waya, sai kowace Juma'a in hau bas zuwa kantin wani ɗan'uwanmu a kasuwa, in tsaya jikin tarho har ya bugo. Layi na tsinkewa, masu sayayya sun kasa kunne, shi ya sa ba ma wuce gaisuwa.

Tun damina Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya mutu. Inna ta sa na rantse ba zan faɗa wa yayana ba. Ta ce, “In ya ji zai taho, a filin jirgi za su kama shi.”

Duk sanda ya ce, “Ba ni Baba,” sai in ce yana masallaci.

Makon jiya ya ce, “Ƙanwata, Juma'a mai zuwa bayan la'asar zan bugo. Ki taho da shi.”

Jama'a, ku ba ni shawara. Yau Laraba, kuma ba ni da sauran masallacin da zan kai Baba.