Yatsun da Yumɓu Ya Cinye

A benci, bakin zauren yaye ɗaliban zane-zane, wani tsoho maginin tukwane ya tare wani direba da ke ƙoƙarin fita.

"Koma ciki. Jikata ce ke jawabi."

"Baba, na ji ta. Wai na'ura ta haɗiyi miliyoyin hotuna tana kwaikwaya, amma ba ta taɓa zama gaban mutum ba. To, ɗana ya rubuta wa na'urar layi guda, ta zano tambarin shagonmu cikin minti ɗaya."

"Ni da na shekara sittin ina ƙona tukwane ban karanta ko baƙi ɗaya ba, na'ura za ta tsorata ni? Yarinyar nan kwana tara ta yi tana zana hannuna, har ta gano yatsan da ya daina lanƙwasuwa. Ni kaina ɓoye shi nake yi."

"To, wa zai ɗauke ta aiki?"

Tsoho ya tura hannun cikin aljihu.

"Abin da ya hana ni shiga ke nan."