Saƙo Ɗaya Tak

Rahima: Salamu alaikum, Yaya Fanne, ina wuni? Ya Nguru?

Fanne: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Lafiya lau. Ya Gashua, ya Baba? Ya cinikin yaji?

Rahima: Alhamdu lillahi. Yaya... wani ne ya matsa min a WhatsApp.

Fanne: Wa? Ɗaga murya, layin na yankewa.

Rahima: Ban san shi ba! A group ɗin 'yan kasuwa ya ɗauki lambata. Ya yi sallama, ya tambayi kuɗin yaji. Daga nan sai wai in turo hotona ba mayafi.

Fanne: Subhanallahi! Kika ce me?

Rahima: Na share. Amma kullum sai ya yi sallama, ni kuma in amsa.

Fanne: Kina amsawa? Ke Rahima!

Rahima: To sallama ce fa, ya zan ƙi amsawa? Yau kuma ya zage ni, har da Inna a ciki. Wallahi raina ya ɓaci. Voice zan yi masa, in wanke shi tas.

Fanne: Kul! Muryarki kaɗai zai watsa a group, nasa ya goge. In ta kai kunnen Baba ya karɓe wayar, da me za ki yi cinikin?

Rahima: To in zuba masa ido?

Fanne: Wa ya ce? Sa ni a speaker. Fara screenshot, da lambarsa a jiki, kafin ya goge.

Rahima: Tsaya... na yi. Guda huɗu.

Fanne: Rubuta: "Malam, wannan lambar ta kasuwanci ce. Ban yarda da irin maganganunka ba. Kada ka sake turo min saƙo. Na ajiye duk abin da ka rubuta."

Rahima: In sa "don Allah ka yi haƙuri"?

Fanne: Laifin me kika yi masa?

Rahima: To in ƙara "mara tarbiyya"? Kalma biyu ce kacal.

Fanne: Ko ɗaya. Hello? Kina jina?

Rahima: Na tura. Wayyo, ya yi shuɗi, ya karanta! Yaya, yana rubutu!

Fanne: Taɓa sunansa a sama, ki gangara ƙasa, ki danna report, ki haɗa da block. Saƙonninsa na ƙarshe za su tafi wa kamfanin. Amma a group zai ci gaba da ganinki, don haka ki tura wa admin hotunan ta cire shi.

Rahima: Bari dai in ga abin da zai ce...

Fanne: Ki gani ki yi me da shi? Danna!

Rahima: Na danna. Shiru.

Fanne: Madalla. In ya dawo da wata lambar...

Rahima: Da sallama?

Fanne: Ko da...

Rahima: In amsa a baki, in danna block. Yaya, katina ya kusa ƙa—