Farare Biyu a Gwangwanin Marigayi

A bencin jiran likita, wata matashiya ta dubi tsohuwar da ke gefenta riƙe da ƙaramin gwangwani.

"Iya, me ya kawo ki?"

"Ƙwayoyi biyu, 'yata. Ta ciwon sukari da ta hawan jini, duk farare ƙanana kamar tagwaye. Na ɓare su daga takardarsu na zuba a nan. Jiya da safe na sha ta sukari biyu, ina zaton ɗaya-ɗaya na ɗauka, ko karyawa ban yi ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Da hantsi maƙwabciyata ta shigo aron tsintsiya, ta tarar ina gumi, hannuna na rawa, ina kiran ta da sunan jikata. Da ma ta yi jinyar uwarta mai ciwon sukari. Ta zazzage gwangwanin, ta ga masu tsaga a tsakiya, na sukarin ke nan, sun kusa ƙarewa. Ganin ina iya haɗiya, ta dama sukari cokali uku a ruwa ta ba ni, ta bi da burodi. Ta ce maganin yana daɗewa a jiki, sukarin jinina zai sake faɗuwa, dole mu zo asibiti. Nan na kwana, sallama nake jira."

"To Iya, ki riƙa barin su a takardarsu mana. Yar da gwangwanin nan."

"Ƙwayoyin kam zan bar su a takardarsu. Amma gwangwanin ba zan yar ba, na marigayi maigidana ne. Shekara tara shi ke ware mini su, ya sa a tafina, ya tsaya sai na haɗiye. Ban taɓa duba su ba, 'yata. Fuskarsa nake kallo."