Mashin Kakan Gazali

A rumfar maƙera ta Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, Gazali na jiran maƙeri da tsohon mashi a hannu, sai dattijon da ke gefensa ya tanka.

"Ɗana, gyara za a yi mai?"

"Musanya za ni yi da takobi, Baba. Na ce ma ɗiyana kakanmu mayaƙi ne, sunka yi dariya, wai mashi makamin talaka ne."

"Na talaka ne kam. Ƙarfen takobi guda sai ya fid da kan mashi da yawa, saura icce ne. Sara da karewa da takobi, shekaru ake koyo. Mashi kuwa, kwana kaɗan manomi ya iya: tsaya a sahu, miƙa, soka."

"Amma takobi ya fi kaifi."

"Sai ka iso tukuna. Ungo sandata, sare ni."

Dattijon ya karɓi mashin, ya miƙa gindin mashin wajen Gazali. Gazali ya yunƙura, icce ya tokare mai ƙirji, sandar ko hannun dattijon ba ta kai ba.

"To, a ce mu ɗari ne, kafaɗa da kafaɗa. Haka kakanka ya dawo gida da rai, har anka same ka."

Gazali ya shafa tsatsar mashin.

"Baba, wane mai ake shafa mai?"